Yadda ake zaɓar ɗinkin haɗi tsakanin na Faransa, na kwance da wibin

Kafin ka sa almakashi a kan yadi, ya kamata ka riga ka san da wane ɗinki za ka haɗa gefunan. Teloli da yawa suna yin akasin haka: su yanka da alawus ɗin da hannunsu ya saba, sai sun zauna a kan keke sannan su fara tunanin yadda za su rufe bakin yadin. A lokacin kuwa an makara, domin kowane ɗinki akwai faɗin da yake ci.

Ɗinki uku ne za mu duba. Na farko shi ne ɗinkin Faransa, wanda ake ɗinkawa sau biyu har bakin yadin ya shige cikin kansa. Abin dariya, su Faransawan ɗinkin Ingilishi suke ce masa, don haka idan ka ji telan da ya koyi sana'a da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram ya kira shi haka, abu ɗaya kuke nufi. Na biyu shi ne ɗinkin kwance, irin wanda ke cikin ƙafar wandon jins, mai layin zare biyu a jere. Na uku shi ne wibin, wanda wasu ke kira obalok, wato keken da ke datse bakin yadi ya naɗe shi da zare a lokaci guda.

Mataki na farko: gwada yadin a hannunka

Yanki ƙyalle kamar tafin hannu daga bakin yadin, ka ɗaga shi wajen haske. Idan kana hango yatsunka ta bayansa, to duk abin da ka yi a ciki zai bayyana a waje. Sai ka sa farce ka kankari inda ka yanka, ka ga ko zare yana zubowa. Shifon da boyel suna zuba tun kafin ka gama kankara, atamfa mai kyau kuwa da ƙyar take sakin zare biyu. Daga nan ka ja shi ta faɗi. In ya miƙe ya koma kamar roba, magana ta ƙare, wibin za ka yi.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda na fi yarda da shi. Ninka ƙyallen gida huɗu ka matse tsakanin yatsu biyu. Ɗinkin Faransa da na kwance duk suna tara yadi gida huɗu a wuri ɗaya, wibin kuwa gida biyu ne kawai. Idan ninkin huɗun ya yi maka kauri a hannu kamar igiya, haka zai yi wa mai kayan a jiki.

Yadi mai shara-shara: ɗinkin Faransa

Mu ɗauki aikin da ya zo mini kwanaki. Wata hajiya ta kawo shifon ruwan hoda mai haske, ta ce doguwar riga take so mai sakin jiki. Ƙugunta inci 42 ne, na ƙara inci 4 na sakewa, ya zama 46. Na raba huɗu, kowane ɓangare ya tashi inci 11 da rabi. Na ƙara rabin inci na ɗinki, na yanka a kan 12. Wannan rabin incin shi ne za a raba biyu, kwata a ɗinkin farko, kwata a na biyu.

Fara da haɗa yadin baya da baya, fuskokin suna waje. Hannunka zai so ya yi maka gardama a nan, domin ya saba haɗa fuska da fuska. Ɗinka a kan kwatan inci daga baki, da allura ƙarama lamba 9 ko 11. Sai ka datse rarar har ta rage rabin kwata. Goge ɗinkin da dutsen guga marar zafi sosai, domin shifon na roba yana narkewa. Juya yadin fuska da fuska, ka tabbata layin ɗinkin farko ya zauna daidai a kan ninkin, ka sake gogewa, sannan ka ɗinka a kan kwatan inci. Bakin da ke zuba ya shige cikin aljihu ke nan, ba ya sake fitowa.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen datsewar. Ina ɗan koyo na taɓa tsallake ta saboda gaggawar Sallah. Da na juya rigar sai ga gashin zare ya leƙo ta fuska tun daga hammata har ƙasa, kamar gemun ɗan akuya. Maigidana bai ce komai ba, ya miƙo mini reza. Idan ka ga wannan gashin, ko dai ba ka datse ba, ko ɗinki na biyu bai kai na farko faɗi ba. Kada ka yi ta tsinke shi da almakashi, wankin farko zai fito da wani.

Ɗinkin Faransa yana son layi miƙaƙƙe: gefen riga, kafaɗa, haɗin hijabi, doguwar tsagar hannu. A kwana mai tsanani irin ta ramin hammata yakan tattare, sai in ka rage faɗinsa sosai kuma hannunka ya faɗa. Ga kuma wani abu da ya kamata ka gaya wa mai kaya tun farko: da zarar an datse, babu sauran yadin buɗawa. Idan mace ta ce maka, “Malam, ka bar mini wuri ko zan ƙara jiki,” to ba wannan ɗinkin za ka yi mata ba.

Kayan da za su sha wanki da ja: ɗinkin kwance

Kakin makaranta, wandon aiki, rigar maza ta auduga ko lilin, zanin gado, waɗannan su ne gidansa. Layi biyu ne ke riƙe da haɗin, kuma ya kwanta lumui, ba ya cizon fata.

Yana cin yadi fiye da sauran, don haka bar kwata uku na inci. Haɗa baya da baya idan kana so layin zare biyu su fito a fuska kamar na jins, ko fuska da fuska idan layi ɗaya kake so a gani. Ɗinka a kan kwata ukun. Datse gefe ɗaya kawai, ka bar masa kwata. Ɗauki mai tsawon ka lulluɓe gajeren da shi, ka kwantar da su a jikin rigar, ka danne da guga. Sai ka bi bakin ninkin da ɗinki, kusa da baki sosai. Gefen gaba ne ke hawa kan na baya a al'ada, kuma duk yadda ka yi a dama ka yi a hagu. Na sha ganin riga mai kyau da gefe ɗaya ya kalli gaba, ɗaya ya kalli baya.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko ita ce mahaɗa. Inda ɗinkin kwance ya gamu da wani, kamar a hantsar wando, kaurin yakan ninka, ƙafar keke ta ɗaga goshi, zare ya fara tsallake, ko allura ta karye. Sa allura lamba 16 ko 18, ka bubbuga mahaɗar da guduma a kan katako ta kwanta, ka tura ninkakken ƙyalle a ƙarƙashin bayan ƙafar keken don ta daidaita, ka wuce wurin kana juya keken da hannu. Ta biyu ita ce bututu. Ƙafar wando tana da haɗi biyu, kuma a keken shago guda ɗaya ne za ka kwantar cikin sauƙi, tun ƙafar tana a buɗe. Da ka rufe na biyu ta zama bututu. Kamfanoni suna da keke na musamman don wannan. Kai ka kwantar da na ciki, ka yi wa na waje wibin. Duba jins ɗin da ke jikinka, galibi haka aka yi masa.

A kan shadda mai tauri irin gezna ina taka-tsantsan. Ɗinkin yana yi mata kyau, amma allura tana barin rami, kuma idan layinka ya karkace ka farke, tabon yana nan a fuskar riga. In ba ka amince da miƙewar hannunka ba, yi haɗi na ciki ka rufe da wibin.

Wibin: mai talewa, mai kauri, da kayan da za a gyara

Yadin da ke miƙewa yana bukatar ɗinkin da zai miƙe tare da shi. Ɗinkin keke na yau da kullum ba ya talewa, shi ya sa za ka ji ƙas-ƙas lokacin da aka zura kai a riga. Zaren wibin sarƙa ce, tana bin yadin. Sa allura mai dakusasshen baki wadda aka yi don irin wannan yadi, kuma kada ka ja shi yana shiga keke, in ba haka ba bakin zai fito yana lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen latas.

Sai dai ka ƙirga zaren kekenka. Mai zare uku aikinsa rufe baki ne, bai isa ya riƙe hammata ko hantsa shi kaɗai a kan atamfa ba. Ɗinka haɗin da keke tukuna, wibin ya biyo baya. Mai zare huɗu yana iya haɗa yadi mai talewa kai tsaye. Gane lafiyar ɗinkin ba wuya: sarƙar ta zauna daidai a bakin yadin. In ta yi lilo a waje, zaren ya saki ko wuƙa ta ci da yawa. In bakin ya naɗe kamar taba, zaren ya yi tsauri.

A atamfa da leshi na mata, inda gyara ba ya ƙarewa, ga yadda nake yi. Ina barin inci ɗaya a gefe, in yi wa kowane baki wibin daban, sannan in haɗa, in buɗe ɗinkin da guga. Ranar da aka dawo a buɗa ko a rage, layi ɗaya kawai zan farke. Wanda ya haɗa bakin biyu ya datse su tare ya samu sauri, amma ya cinye wurin gyara. Leshi mai duwatsu kuma, cire duwatsun da ke kan hanyar ɗinki kafin ka kai shi ƙarƙashin wuƙa, don dutse ɗaya ya isa ya yi mata giɓi.

A shifon mai haske ne ba na son wibin. Zaren yana yin inuwa ta waje, nauyinsa yana tattare gefen, kuma yadin yakan zame daga cikin sarƙar bayan 'yan wanki. Rigar hajiyar nan ma ban yi mata ɗinki iri ɗaya ba. Kafaɗa da gefuna na Faransa ne. Da na zo ramin hammata sai na ɗinka layi biyu kusa da juna, na datse, na rufe da siririn wibin da zare kalar yadin, domin hannu yana rufe wurin.