Babi na Shida: Abin da Ƙarar Firinta Ke Nunawa Idan An Kunna Ta

Duk firinta tana gwada sassanta a daƙiƙun farko bayan an kunna ta, tun kafin a ba ta aiki. A mai tawadar ruwa, akwatin da ke ɗauke da kan bugu yana tafiya dama da hagu a kan sandar ƙarfe, sannan ya koma mazauninsa. A mai garin tawada, wato leza, injin yana juya dirom da rololi yayin da sashen da ke gasa garin a jikin takarda yake ɗaukar zafi. Saboda haka mai shagon buga takardu, ko a kasuwar Ringim yake ko a ta Ɗambatta, ya kamata ya san muryar na'urarsa tun tana lafiya, domin da ita zai auna duk baƙuwar ƙara.

Gurzar da ke fita "gurrr" ita ce mafi haɗari, kuma da zarar an ji ta a kashe na'urar, a zare wayarta daga soket. Ma'anarta ita ce injin yana juyawa amma abin da yake ja ya cije, don haka haƙoran giya ko na bel suna tsallake juna. Mai sake kunnawa da fatan ƙarar za ta daina, haƙoran roba yake cinyewa, gyaran da bai fi cire guntun takarda ba ya koma sayen sabuwar giya daga Kano.

A ɗauki misalin firinta mai tankin tawada da aka bari a buɗe cikin hunturu. An kunna ta da safe, akwatin bugu ya zabura ya daki bangon gefe, sannan gurza ta biyo baya. Bayan an zare wuta, sai a ɗaga murfi a haska ciki da tocilan, a nemi guntun takarda, ko fil ɗin maƙala takardu, ko ma ƙwaro. Idan akwatin ba ya kulle a mazauninsa, a tura shi da yatsa a hankali daga gefe zuwa gefe. Inda ya cije, nan matsalar take, kuma ba a tilasta shi. Idan kuwa ya wuce sumul, sai a duba wani siririn zirin leda mai haske da ke miƙe a bayansa. A jikin zirin akwai layuka ƙanana ƙwarai, waɗanda na'urar ke ƙirgawa domin ta san inda akwatin ya kai. Ƙura ko ɗigon tawada na rufe layukan, sai lissafi ya ɓace mata, ta ci gaba da tura akwatin alhali ya riga ya kai bango. Ana goge zirin da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa, ana riƙe shi da ɗaya hannun don kada ya ɓalle daga ƙugiyarsa, kuma a bar shi ya bushe kafin a kunna. Fetur da kananzir suna iya goge layukan gaba ɗaya, kada a kusantar da su.

Ƙarar "ƙas, ƙas" kuwa, tazararta ake saurara. Sau ɗaya ko biyu a farkon kunnawa ba komai ba ne. Amma idan tana maimaituwa a kan tazara guda, to akwai giyar da haƙorinta ya karye, duk zagayen da ta yi sai ta buga a wurin. A leza, a fara fitar da katirij a mayar da shi ya zauna daidai, ko a gwada wani. Idan ƙarar ta ɗauke, laifin na katirij ne, abin da ya fi faruwa ga wanda aka sha yi wa ɗurin gari. Idan daga bayan na'urar take fitowa, wajen da takarda ke gasuwa, aikin mai gyara ne. Zafin wurin yakan kai kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, don haka kada a sa hannu sai an ba shi minti 30 a kashe.

Sautin "ƙiii" alamar bushewa ce. Idan yana bin tafiyar akwatin bugu, sandar ƙarfen ce ta kama ƙura. A goge ta, a shafa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, ba man gyaɗa ko baƙin mai ba, kuma kada ya taɓa zirin ledar. Idan bai damu da motsin komai ba, sau da yawa fanka ce. A leza akwai wani siririn fito da ke hawa sama sannan ya daidaita: wannan injin da ke juya madubin da ke watsa hasken leza a kan dirom ne yake ɗaukar gudu, kuma haka aka yi shi. Sai in fiton ya zama kuka mai hawa da sauka, ko fitilar gargaɗi ta biyo shi, sannan za a kai na'urar wurin mai gyara, a faɗa masa irin ƙarar, da gefen da take fitowa, da lokacin da take farawa.