Yadda za ka yi wa mai intabiyu tambayoyin da za su nuna maka ainihin yadda injiniyoyin kamfani ke aiki

A ƙarshen kusan kowace intabiyu ta aikin rubuta manhaja, mai yi maka tambayoyi zai ce ko kai ma kana da abin da kake son sani, kuma galibi minti biyar zuwa goma ne suka rage a lokacin. Wannan ɗan lokaci ba ya ɗaukar fiye da tambayoyi uku ko huɗu, saboda haka asara ce babba ka kashe shi wajen tambayar ko ana zaman lafiya a wurin, domin babu ma'aikacin da zai ce maka a'a. Dabarar da nake ba kowa shawara a kanta guda ɗaya ce: ka tambayi abin da ya faru a karo na baya-bayan nan, kada ka tambayi ƙa'idar da aka rubuta. Ƙa'ida kowa ya haddace ta, amma labarin makon jiya sai wanda ya gani da idonsa ne zai iya ba ka shi dalla-dalla.

Mataki na farko shi ne ka raba tambayoyinka tun daga gida gwargwadon wanda za ka zauna da shi. Jami'in ɗaukar ma'aikata ya san albashi da hutu, amma da wuya ya san yadda ake duba kod. Tambayoyin aikin yau da kullum na injiniyan da za ku yi aiki tare ne, na karɓar sabon ma'aikaci kuma na manaja ne.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne amfani a ganina, shi ne ka bi sawun gyara guda ɗaya daga kwamfutar injiniya har zuwa hannun masu amfani da manhajar. Ka ce masa: "Don Allah ka ba ni labarin gyara na ƙarshe da ka yi da kanka. Daga lokacin da ka gama rubuta shi zuwa lokacin da ya isa ga jama'a, ta waɗanne hannaye ya bi, kuma kwana nawa ya ɗauka?" Wannan tambaya ɗaya tana buɗe ƙofofi da dama ba tare da ka ambace su ba, domin dole ne amsar ta taɓo ko wani yana duba kod kafin a haɗe shi, ko gwaje-gwaje suna gudana da kansu, da kuma ko sakin sabon aiki abu ne na kullum ko biki ne da ake yi sau ɗaya a wata.

Mu ɗauki misali da amsoshi biyu. Injiniya na farko ya ce ya buɗe pull request, wato buƙatar a duba gyaransa a haɗe shi da sauran kod, ranar Talata da safe, gwaje-gwaje suka kammala cikin minti ashirin, abokiyar aikinsa ta duba kafin azahar ta nemi ya ƙara gwaji ɗaya, ya ƙara, aka haɗe, gyaran ya isa ga jama'a da yammacin ranar. Na biyu ya ce ya gama nasa makonni uku da suka wuce, amma yana jiran babban injiniyan da shi kaɗai ke da ikon amincewa, sannan za a tattara shi da sauran gyare-gyare a sake su gaba ɗaya a daren Juma'ar ƙarshen wata. Amsa ta biyu tana gaya maka cewa mutum ɗaya ya zama ƙofar da kowa ke cunkushewa a bakinta, kuma ranar da sakin ya haifar da matsala sai an tona gyara talatin ko arba'in kafin a gano gyaran da ya jawo ta. Sai dai kada ka yanke hukunci nan take, domin manhajar banki ko ta na'urorin asibiti tana iya samun dalilin doka da ke tilasta jinkiri. Ka bi da tambayar me ya sa ake yin haka, kuma ko akwai wanda ke ƙoƙarin rage lokacin. Wanda ya bayyana dalili kuma ya faɗi abin da ake gyarawa ya bambanta ƙwarai da wanda ya ce haka ya tarar ana yi.

Mataki na uku shi ne ka tambayi ranar da abu ya lalace, domin a nan ne halin mutane yake bayyana. Ka ce: "Yaushe ne manhajar ta tsaya ko ta yi babban kuskure na ƙarshe, wa ya fara sani, kuma me aka canja bayan an shawo kan matsalar?" Ka saurari abu biyu. Na ɗaya, ko na'urar sa ido ce ta yi musu ƙararrawa ko kuwa kwastoma ne ya kira yana ƙorafi. Na biyu, ko labarin ya ƙare da canjin tsari, kamar ƙarin gwaji ko sauƙaƙa hanyar komawa tsohon zubi, ko ya ƙare da sunan wanda aka tsawata wa. Idan mai ba da labarin ya fi mayar da hankali kan sakacin wani, ka sani cewa ranar da kai ma ka yi kuskure, wanda kuwa tilas za ka yi, haka za a ba da labarinka.

A nan ne kuma ya dace ka tambayi zaman ko-ta-kwana, wato makon da mutum ke riƙe da waya dare da rana saboda matsalar gaggawa. Ka nemi sanin mutum nawa ne ke karɓa-karɓa, sannan ka yi lissafi da kanka. Idan mutum shida ne, kowa mako guda, zagayen zai faɗo maka kusan sau tara a shekara. Idan huɗu ne, makonni 13 ke nan, idan kuwa uku ne ya haura 17, wato sulusin shekararka. Ka ƙara da tambayar sau nawa aka tashi mai riƙe da wayar cikin dare a makon da ya wuce, da ko ana ba shi hutu ko alawus a madadin haka.

Mataki na huɗu ya shafi karɓar sabon ma'aikaci, kuma salon bai canja ba. Ka tambayi manaja game da mutum na ƙarshe da ya shigo: kwana nawa ya yi kafin manhajar ta tashi a kwamfutarsa, yaushe gyaransa na farko ya isa ga jama'a, kuma wa aka haɗa shi da shi don ya riƙa yi masa tambayoyi ba tare da jin nauyi ba. Inda aka tsara abin da kyau, za ka ji an ambaci rubutaccen jagora, da ƙaramin aikin da aka tanadar wa sabon shiga a makonsa na farko ko na biyu, da abin da ake sa ran ya cimma bayan kwana 30 da 60 da 90. Inda aka ce maka kowa a shirye yake ya taimaka amma ba a ɗora nauyin a kan mutum takamaimai ba, to ka shirya yin yawo daga tebur zuwa tebur. Yana da kyau kuma ka ji ko gurbin sabo ne ko wani ne ya bar shi.

Mataki na ƙarshe shi ne ka maimaita tambaya ɗaya, musamman ta ranar lalacewa, ga mutum biyu daban idan intabiyun tana da zagaye fiye da ɗaya, sannan ka rubuta amsoshin da zarar ka fita, kafin su cakuɗe a kanka. Idan manaja ya ce ba a cika tayar da kowa cikin dare ba, injiniya kuma ya ce sau uku aka tashe shi a makon jiya, ka ɗauki maganar injiniyan, sannan ka koma wa manajan da wannan adadi kafin ka sa hannu a takardar kama aiki.