Yadda na gyara cijewar takardar jarrabawa a firinta

Takardun jarrabawar Islamiyyarmu ta Agege ne suka addabe ni: firinta na cije takarda, kuma rubutun gaba yana lekowa ta baya. Na canza tona, na goge robar jan takarda, duk a banza.

Ashe takardar ce. Mai giram 60 aka sayo, ta yi sirara ga bugun gaba da baya, ga laimar Legas ta shige ta don an bar rim a buɗe.

Na sayo sabon rim A4 mai giram 80 a Mushin, na karkaɗa takardun kafin zubawa, na mayar da Paper Type kan Plain. Ko ɗaya ba ta ƙara cijewa ba, alhamdulillahi. Ragowar na ɗaure a leda.