Mai gidan da ya ce mini "Allah ya yi albarka"

A watan da ya wuce wani ƙanenmu ya zo ɗakina a Munik, satinsa uku da sauka Jamus, yana ta murna wai ya samu mai gidan haya mai tsoron Allah. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce ai duk haɗuwarsu sai dattijon ya ambaci Allah. Na ce, ina rasit ɗin kuɗin ajiyar da ka ba shi? Sai ya sunkuyar da kai. Ban iya yi masa faɗa sosai ba, domin ramin da na faɗa ne shi ma ya faɗa.

Gaisuwar da ta ruɗe mu ita ce wadda za ka ji ko'ina a kudancin Jamus da Ostiriya, a shago, a banki, a bakin ƙofa: "Girus Got", wadda za ka gani a saƙon waya an rubuta Grüß Gott. Asalinta addu'a ce, "Allah ya gaishe ka", a zamanin da kalmar gaisuwa a tsohon Jamusanci take ɗauke da ma'anar sa albarka. Da aka yi ta gutsure ta, sai "ka" ɗin ya faɗi, har ta koma kamar umarni, wato "gai da Allah". Shi ya sa mutanen arewacin ƙasar ke tsokanar na kudu, su amsa da "to, in na gan shi". Yau wanda bai taɓa taka coci ba ma haka yake gaisuwa. Daidai take da "sannu", ba ta wuce nan ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ka je Kantin Kwari ka taya yadi, mai shago ya ce maka "albarka". Akwai Bahaushen da zai ɗauka an sa masa albarka? Ka san an ce kuɗinka bai kai ba. Kalmar sallama daga Larabci take, tushenta ɗaya da salamu, wato aminci, amma in aka ce an sallame ka daga aiki ba wanda zai taya ka murna. "Lafiya lau" kuwa ko mutum na kwance a gadon asibiti ita zai fara faɗa. Mun san addu'a kan tsufa a baki ta zama al'ada kawai. Sai mun hau jirgi mu manta.

Sauran gaisuwar ba su da wuya, sati biyu ka iya su. "Cus" da ake yi wajen rabuwa dangin "adiye" na Faransanci ne, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani, ma'anarsa ta farko "na bar ka ga Allah". "Fiyat di" na mutanen Babariya, jihar da Munik take ciki, "Allah ya kiyaye ka" ne aka taƙaita. "Sabus" ta abokai ce, daga kalmar bawa a Latin, kamar ka ce "bawanka ne", don haka kada ka jefa wa ma'aikaciyar ofishin baƙi ita. Da rana a wurin aiki za ka ji "Maltsait", ragowar "abinci mai albarka". Ni na zaci gayyata ce, na bi wani har teburinsa. Ashe ko a bakin banɗaki suka haɗu da azahar ita suke faɗa.

To, ga yadda tawa ta kasance. Ɗaki ɗaya na samu a gidan wani dattijo, haya yuro 450 ban da kuɗin ɗumama da ruwa. Ya tare ni da "Girus Got", ya raka ni da "Fiyat di". Wani ya fassara mini, zuciyata ta kwanta, na ce wannan ai irin dattawanmu ne. Ya nemi ajiya 1,350, na ƙirga masa a hannu lokaci ɗaya, kuɗin da rabinsu bashi ne. Kunya ta hana ni neman rasit. Ta yaya za ka ce wa sa'an babanka, wanda ya gama yi maka addu'a, ya sa hannu?

Abin da ban sani ba a lokacin, doka ta ce ajiya ba za ta wuce hayar wata uku ba, ita hayar zalla ban da kuɗin ɗumama da sauransu, kuma kana da damar biya kashi uku, wata-wata. Dole kuma mai gida ya ajiye kuɗin daban da nasa. Adadin da ya karɓa bai saɓa doka ba, ni ne na yar da damata, kuma ba ni da shaidar na biya. Ka tura ta banki, ka rubuta Kaution, wato ajiya, a gurbin dalilin biya, shi ke nan ka samu shaida ba tare da ka haɗa ido da kowa ba.

Ta biyu ta fi ciwo. Wanda ya shiga sabon gida yana da sati biyu ya yi rajistar adireshinsa, kuma ba za a yi maka ba sai da takardar da mai gida ya sa wa hannu, sunanta a shafin ofishin rajista shi ne Wohnungsgeberbestätigung. Ba da ita wajibi ne a kansa. Kullum na tambaya sai ya yi murmushi ya ce mako mai zuwa, ya bi ni da "Fiyat di". Ni kuma in tsaya gaisuwa irin ta gida, ina kwana, ya iyali, ya sanyi, kafin in kai ga magana ya rufe ƙofa. Ba rajista, lambar haraji ba ta zo ba, wasiƙun ofishin baƙi ba su da inda za su same ni. Wata biyu na yi a haka. Wani Bazazzagi da ya daɗe a nan ne ya zaunar da ni ya ce, "Malam, a ƙasar nan gaisuwa kalma biyu ce, ta uku buƙata." Muka rubuta wasiƙa mai layi huɗu, muka sa ranar da nake son takardar. Cikin kwana uku ta fito. Allah ya saka wa mutanenmu, ba don su ba da yawanmu mun koma gida da jaka ɗaya. Amma ku ma sababbi ku riƙa tambaya kafin ku biya, ba sai kuɗi sun tafi ku zo ana jajantawa ba.

Da zan tashi, ya ce na lalata bango. Ba mu yi takardar duba ɗaki ranar shiga ba, Übergabeprotokoll, inda ake rubuta kowane tabo da lambar mita ku sa hannu ku biyu, don haka maganata da tasa ce kawai. Wasiƙarsa ta ƙarshe ba ta ƙare da "gaisuwar abota" da ake rufe kowace wasiƙa da ita ba, wato Mit freundlichen Grüßen. Ya rufe da Hochachtungsvoll. Na duba ƙamus na ga "cike da girmamawa", har na ji daɗi. A ƙungiyar masu haya aka gaya mini cewa yau wannan kalma ta yi sanyi ƙalau, in wanda kuka saba ya koma rubuta maka ita, yawanci ya ja layi ne, lauya na iya biyo baya. Daga 1,350 ɗin, 400 na karɓo bayan wata bakwai.

Ƙanen nan namu na sa shi ya tura wa dattijonsa saƙo a daren, ya buɗe da Grüß Gott, ya rubuta adadin da ranar da ya ba shi, ya roƙi ya tabbatar. Washegari amsa ta zo, ya tabbatar. Nasa mai gidan mutumin kirki ne, na ce ya ɗauki hoton saƙon duk da haka.