Furen roz mai aure ya daina fure? Duba gindinsa tukuna

Makwabciyarmu a Garin Malam ta kira ni in ga roz ɗinta, wai ya yi tsawo har ya kusa kan katanga, ganye shar, amma shekara guda ke nan ko fure ɗaya babu. Ina durƙusawa na ga matsalar. Na ce Hajiya ai wannan da kike ba ruwa ba shi kika saya ba, uwar gindin ce ta ƙwace.

Abin da mutane ba su gane ba, itace mai aure, girefi kamar yadda masu pepiniyar ke cewa, itace biyu ne a jiki ɗaya. Na ƙasa, wato uwar gindi, an zaɓe shi don ƙarfin saiwa da jure wahala, na sama don kyan fure. Inda suka haɗu akwai ɗan kumburi kamar gwiwa kusa da ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙasa da wannan kumburin na uwar gindi ne, ya fi na sama ƙarfi, shi zai riƙa shanye ruwa da taki har na saman ya rame ya mutu, kuma a Damagaram da muke jidar ruwa a bido wallahi abin takaici ne ka shekara kana shayar da ɓarawo.

Kuskure na farko shi ne murna da shi, don yana fitowa miƙe da sauri. Sau da yawa ganyensa ƙanana ne, launinsa bai kai na sama duhu ba, kuma za ka ƙirga ƴan ganye 7 a jere maimakon 5. Amma kar ka tsaya nan, akwai roz masu kyau da ke yin 7 su ma. Shaida ɗaya ce ba ta ƙarya: daga ina ya tsiro. Wasu kuma da sun ji labarin nan sai su bi duk sabon toho da yanka, har da mai kauri ja-ja da ke fitowa daga kan kumburin ko samansa, alhali shi ne zai zama reshen fure. Wannan a bar shi.

Na biyu, kuma shi ya fi ɓata aiki, yanke shi daidai fuskar ƙasa da almakashi. Haka Hajiya ta yi sau biyu, ɗaya ya koma huɗu, saboda guntun da aka bari yana da idanu a kwance, wato wuraren da sabon toho ke fitowa, yankan nan kamar aski ka yi mishi. Abin da muka yi, da yamma muka jiƙa wurin, da safe na tone ƙasa da hannu a hankali na bi kowane toho har inda ya manne da saiwa, na sa safar hannu saboda ƙaya, na kama shi can ƙasa na murɗa na fizge ƙasa-ƙasa ya fito da dunduniyarsa, ta nan idanun ke tafiya tare da shi. Uku sun fita haka. Na huɗun ya yi itace, fizga za ta yage ɓawo, sai na sa wuƙa mai kaifi na shafe shi daf da jiki ba guntu. Muka mayar da ƙasa muka danne muka ba ruwa. Na kuma hana yaronta sara da hauya a gindin, don saiwar da aka ji wa ciwo nan take tohowa.

Ibiskus mai aure, wannan na ado ɗan uwan yakuwa, shi tohon galibi a jikin kara yake fitowa ƙasa da tabon auren, tun yana ɗanye ka murje da babban yatsa, duk sati ka leƙa.

Sai aski. Kar a yi shi a Maris zuwa Mayu, zafin nan da ke wuce digiri 40 yana ƙona reshen da ya rasa inuwar ganye. A bari damina ta ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A fara cire busasshe da wanda ke gogar ɗan uwansa a tsakiya, sauran a rage kamar kashi ɗaya cikin uku, kowane yanka a karkace, rabin santimita sama da idon da ke kallon waje. In ka bar dogon guntu bushewa yake ya bi reshen ƙasa. Roz da ibiskus dukansu a sabon reshe suke fure, shi ya sa wanda ke tsoron aski kullum ganye yake gani, amma wanda ya gundule shi har gindi shi ma uwar gindi yake tayarwa.

Kafin duk wannan wahala, kankare ɓawon reshen sama da farce. In kore ne akwai rai. In duk ya bushe har kumburin, to fizgar toho ba ta da amfani, sai dai a sake aure ko a sayo wani. Na Hajiya reshe biyu muka samu da rai, sirara ƙwarai, su ban taɓa su da almakashi ba sai sun murmure.