Yadda Za Ki Rubuta wa Ƙawarki Wasiƙa Kan Ƙaruwar Makinki a Jarrabawar Karatu

Yawancin wasiƙun da ɗalibai ke rubutawa kan wannan batu suna faɗuwa ne a wuri guda. Ɗaliba za ta cika shafi da "na dage, na yi ƙoƙari, Allah Ya taimake ni na ci," amma ƙawar da ta karanta ba za ta iya cewa ga abin da aka yi ba. Wasiƙar nan tana tsayuwa ne a kan abu uku: makin da, makin yanzu, da abin da ya faru a tsakaninsu. Na ukun shi ne ƙashin bayanta, kuma shi aka fi tsallakewa.

Mataki na farko: ɗauko takardun amsarki kafin ki ɗauki alƙalami

Kada ki dogara da abin da kike tunawa. Shimfiɗa takardar jarrabawar farko da ta baya-bayan nan a gabanki, ki duba jimillar makin kowacce. A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mu ɗauka a zangon farko kin ci 9 cikin 20, a zango na biyu kuma 24 cikin 30. Idan kika rubuta "na tashi daga 9 zuwa 24," kin ruɗe ƙawarki, domin za ta zaci makinki ya kusa ninkawa uku, alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne. Mayar da kowanne zuwa kashi cikin ɗari: ki raba makinki da jimilla, ki ninka da 100. Na farko zai ba ki kashi 45, na biyu kashi 80. Wannan shi ne tsalle na gaskiya, kuma ya isa abin murna ba sai an yi masa ƙari ba.

Daga nan ki bi makin da kika zubar, ɗaya bayan ɗaya. A misalinmu maki 11 ne suka salwanta a karon farko. Da aka duba, 7 daga ciki na tambayoyin ƙarshe ne da aka bari babu amsa saboda lokaci ya ƙure, sauran 4 kuma na ma'anar kalmomi ne. To kin ga ciwon ya fito fili: ba rashin fahimta ba ne, nawar karatu ce da ƙarancin kalmomi. Wanda ya san ciwonsa shi ke iya bayanin maganin da ya sha.

Mataki na biyu: tsara kan wasiƙar

Wannan ba ya cin lokaci. Adireshinki a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa. Sai ki koma hagu ki rubuta "Zuwa ga ƙawata," ko sunan da kike kiranta da shi, ki sa waƙafi. Wasiƙar zumunci ba ta buƙatar adireshin wadda ake aika wa a cikinta, ba ta kuma buƙatar take. Gaisuwa layi biyu ko uku ta wadatar, sannan ki faɗi abin da ya sa kika rubuto tun a sakin layi na farko.

Mataki na uku: ba da labarin yadda ya faru, bi da bi

Fara da ranar da abin ya yi miki ciwo, ba da ranar murna ba. Ƙawarki za ta fi jin daɗin kashi 80 idan ta fara ganin kashi 45. Sannan ki zaɓi abu biyu kacal da kika canja, ki faɗe su da adadi: minti nawa, sau nawa, mako nawa. Ga yadda cikin wasiƙar zai iya kasancewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Mama da ƙannenki. Albishirinki! Kin tuna jarrabawar auna fahimtar da na ce miki ta sa ni kuka? Ranar da malama ta miƙo mini takardata na ga 9 cikin 20 da jan biro, ninke ta na yi na cusa a jaka, ban sake buɗewa ba sai da na isa gida. Da na natsu na duba, sai na ga tambayoyin ƙarshe ko taɓa su ban yi ba. Ashe lokacina duk a karatun labarin yake ƙarewa.

"Sai malama ta nuna mini wata dabara. Kullum da yamma nakan ɗauki sakin layi ɗaya, yayata ta riƙe agogo, in karanta da ƙarfi na minti ɗaya, ita kuma tana sa alama a duk kalmar da na yi kuskure. Ranar farko kalma 70 na karanta, na kuskure 8, wato 62 ne daidai. Sai in maimaita wannan sakin layin har sau uku kafin in canja wani washegari. Kalmar da ta gagare ni kuma ba na garzayawa ƙamus nan take. Sai na fara hasashen ma'anarta daga jimlar da take ciki, sannan in duba in ga ko na dace, in rubuta ta a bayan littafina. Bayan mako goma, a sabon labarin da ban taɓa gani ba, na karanta kalma 95, kuskure 3 kawai. A jarrabawar nan ta bayan nan na ci 24 cikin 30, har na samu minti biyar na bitar amsoshina."

Ki lura da "sabon labarin da ban taɓa gani ba." Ba ado ba ne. Duk wanda ya maimaita sakin layi ɗaya sau uku dole saurinsa ya ƙaru a kan wannan sakin layin, don ya fara haddace shi. Awon gaskiya sai a kan rubutun da ido bai saba da shi ba.

Mataki na huɗu: faɗi abin da ya rage

Wannan ne ke raba wasiƙar ƙawa da ta mai alfahari, kuma ni a ganina shi ke sa a yarda da sauran labarin. Maki 6 ɗin da suka kuɓuce a karo na biyu ina suka tafi? Sau da yawa a tambayoyin da amsarsu ba ta kwance a fili cikin labarin suke, irin su "me ya sa kake jin yaron ya yi shiru?" Sauri ba ya maganin waɗannan, sai an koyi haɗa alamun da marubuci ya warwatsa. Ki faɗa mata haka kai tsaye. Idan kuma labarin jarrabawa ta biyu ya fi sauƙi, ko a kan abin da kika riga kika sani ne, wannan ma ki ambata, domin yana iya ɗaga maki ko da ba a yi wani atisaye ba.

Mataki na biyar: juyo gare ta, ki rufe

Wasiƙa hira ce, don haka kada ta ƙare a kanki ke kaɗai. Tambaye ta yaya tata jarrabawar. Idan kin san ita ma tana fama da karatu, kada ki ce "ke ma ki dage," wannan yana da zafi a kunnen wanda ya faɗi. Gara ki ce, "Gwada na minti ɗayan nan na mako guda, ki rubuto mini adadin da kika samu, mu riƙa gwadawa tare." Sai ki aika gaisuwa ga mutanen gida, ki rufe da "Taki har kullum," ki sa sunanki na farko kawai a ƙasa.

Kafin ki ninke takardar, karanta ta da ƙarfi sau ɗaya. Duk jimlar da ba za ki iya furta ta a gaban ƙawarki ba tare da ta ce "yau kuma wa kika zama?" ba, soke ta ki sake faɗin ta yadda kuke magana. Sannan ki sake gwada lambobin da ke cikin wasiƙar da na takardun amsarki, ki tabbata 9 cikin 20 ne da 24 cikin 30 kamar yadda malama ta rubuta.