Yadda ake gyara tsohon hoton iyali a sa masa launi ba tare da an sauya fuskar kaka ba

Yawancin hotunan da ke cikin akwatunan kakanninmu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango baƙi da fari ne, kuma akwai dalili. Sai wajen 1970 James Barnor, wanda ya buɗe situdiyon Ever Young a Jamestown da ke Accra, ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a Gana. Yawancin waɗanda suka ɗauki hoton aure ko na Sallah kafin nan, baƙi da fari suka samu. Danshin Kumasi kuwa ba ya raga wa takarda: ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, ga fumfuna, ga layin ninki, ga kusurwar da kyankyaso ya ci.

Manhajoji irin su Gemini da ChatGPT suna karɓar hoto tare da rubutaccen bayani, su dawo da shi a gyare. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne manhajar ba ta tono abin da ya ɓace. Sake zana hoton take yi, inda ba ta gani ba sai ta cike da abin da ta saba gani a hotunan wasu mutane. Don haka aikin bayaninka biyu ne: ya ba ta abin da iyali suka sani, ya kuma hana ta taɓa abin da bai lalace ba.

Bari mu bi hoto guda daga farko har ƙarshe. Na miji da mata ne, an ɗauka a wani situdiyo a Kumasi cikin shekarun 1960. Mijin na zaune da babbar riga da hula, yana da tsage uku-uku a kumatu, carbi a hannu. Matar na tsaye da atamfa da ɗankwali. Layin ninki ya ratsa daga kafaɗarsa zuwa haɓarta, ruwa ya ɓata kusurwar ƙasa ta hagu.

Fara da kwafi mai kyau

Kada ka goge hoton da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka liƙa masa salatif. Buroshi mai laushi ya isa ya ɗauke ƙura. In ya manne da gilashin firem, bar shi a haka ka kwafe shi ta cikin gilashin, domin janyewa kan bar fuskar a jikin gilashi, takardar ta fito fara fat.

Sikana ta fi waya. A shagunan fotokofi na Adum ko kusa da Kejetia ka ce a sa maka 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a zaɓi yanayin launi ko da yake hoton baƙi da fari ne, saboda tabon ruwa da tsatsa sun fi fita daban a haka. Hoto mai inci 3.5 da inci 5 zai ba ka fiksel 2100 da 3000. A kashe duk wani gyaran da injin ke yi da kansa. A kwafi bayan takardar ma, don sau da yawa can ne hatimin situdiyo da kwanan wata suke. In waya kaɗai gare ka, shimfiɗa hoton kusa da taga inda rana ba ta dukansa kai tsaye, kashe filasha, riƙe wayar daidai samansa ba a karkace ba.

In ɗan'uwa ne zai turo maka daga Nima ta WhatsApp, ya tura shi a matsayin Document. In ya tura yadda aka saba, sai a matse hoton, ƙananan layukan fuska su narke, kuma su ne abin da muke ƙoƙarin karewa.

Je wurin tsofaffi kafin ka rubuta komai

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ne kuma yake raba hoton gidanku da na kowa. Toka-tokan da ke hoton ba ya faɗin launi. Ja da kore na iya fitowa da duhu iri ɗaya, jar dara kuma kan fito kusan baƙa. Manhaja in ta ga haka sai ta yi canki, yawanci ta ba da shuɗi-shuɗi ko ruwan ƙasa mai dishi-dishi.

Ɗauki hoton ka kai wa goggo ko wata tsohuwar da ta san su. Kada ka tambaye ta a dunƙule, bi kaya ɗaya-ɗaya. «Goggo, wannan rigar ta Malam kun tuna launinta?» Tana iya cewa, «Fara ce, amma aikin wuyan ruwan zuma ne, ita yake sawa zuwa Idi.» Sai ka wuce hula, carbi, atamfa, 'yan kunne. Tambayi hasken fatarsu ta hanyar kwatance: cikin jikoki wa ya ɗauko fatar Malam? Amsar nan ta fi «baƙi ne» ko «wankan tarwaɗa ce» amfani, don za ka iya duba fuskar jikan da idonka. Abin da ba a tuna ba, rubuta shi gefe a matsayin zato. Wani lokaci ma atamfar tana nan a ƙasan adaka, sai ka ɗauki hotonta ka haɗa.

In akwai tuta a bayan hoton, kula da shekara. Tutar Gana ja da ruwan gwal da kore ce da baƙin tauraro tun 1957, amma daga 1964 zuwa 1966 tsakiyarta fari ne.

Gyara tukuna, launi daga baya

Kada ka haɗa ayyukan biyu a umarni guda. In ka haɗa, fuska ta sauya, ba za ka gane ko gyaran ne ya jawo ko launin ba. Da Turanci ake rubuta bayanin, don shi manhajojin suka fi bi daidai, kuma kayanmu sai an siffanta su, ambaton suna kawai ba ya wadatarwa. Ga na zagayen farko:

```
Restore this 1960s studio photo from Kumasi, Ghana. Keep it black and white.
Remove the fold line, brown spots and the water stain at bottom left.
The three lines on each of the man's cheeks are facial marks, not scratches. Keep them.
Do not change faces, age, expression, pose or clothing. Keep wrinkles and film grain.
```

Layi na farko ya faɗi zamani da gari, kada a sa wa Malam agogon yau ko bangon wani gari. Na biyu ya lissafa ɓarnar da inda take. Kada ka ce «a gyara komai», domin «komai» a wurin manhaja ya haɗa da tamojin goshi. Layi na uku shi ne mafi nauyi a gare mu mutanen Zango. Bahaushe, Bazabarme, Bamoshe, Badagombe, da yawa cikin kakanni suna da tsage, manhajar kuwa kallon ƙarzuwar takarda take yi musu, ta share su tas ta ba ka kumatu sumul. Faɗi adadinsu da gefen da suke. Haka tabon sallah a goshi, da wushirya in ana murmushi. Ka kuma guji kalmomi irin su beautiful da HD da perfect skin. Su ke mai da tsohuwa 'yar shekara talatin da fata kamar roba.

Da sakamakon ya fito, jera shi da na asali ka zuƙo fuskokin. Duba tazarar idanu, faɗin hanci, kaurin leɓe, siffar kunne. Ƙirga tsagen. Ƙirga yatsun hannun da ke riƙe da carbi. A hotonmu wurin haɗari shi ne haɓar matar, inda ninkin ya ratsa, saboda can manhajar za ta ƙirƙira. In haɓar ta tsuke ko ta yi tsini, kada ka ce a gyara a kan sakamakon. Kowane zagaye sake zana hoton gaba ɗaya yake yi, fuskar na ƙara nisa da mai ita. Buɗe sabuwar hira, ɗora kwafin asali, ƙara layi a kan haɓar. In akwai wani hoton matar, ko na tsohon fasfo ne, haɗa shi ka ce a dube shi don siffar haɓa kawai.

Ni a ganina, in ɓarna ta cinye ido ko rabin fuska kuma babu hoto na biyu, gara a bar wurin da ɗan dusashewa. Idon da aka ƙirƙira na wani ne.

Sai launi. Ɗora wanda aka gyara ka rubuta:

```
Colourise only. Change nothing else.
Man: deep dark brown skin, white wide-sleeved gown with honey-coloured embroidery, dark red felt cap, amber prayer beads.
Woman: medium brown skin, wax print cloth in indigo and yellow, matching head tie. Keep the pattern as it is.
Plain grey backdrop. Soft, muted colours. Do not lighten skin.
```

Matsalar da ta fi yawa a nan ita ce hasken fata. Tsofaffin masu hoto kan haska fuska sosai, sai ta fito fari-fari a takarda, manhajar kuma ta ɗauka mutumin fari ne. Shi ya sa ake faɗin launin kowa daban. Gwada fuska da hannu: in fuskar ta fi bayan hannu haske nesa ba kusa ba, an yi kuskure. Dubi kuma bakin ɗankwali ko launinsa ya malala kan goshi, da zanen atamfar ko an musanya shi da wani. Farar riga kan fito da shuɗi-shuɗi a inuwa, wannan ba laifi ba ne in bai yi yawa ba.

Gwajin ƙarshe na goggo ne. Miƙa mata wayar ba tare da ka ce komai ba. In ta ce «Allah sarki, Malam ke nan», an dace. In ta yi shiru ta ce «wannan kamar shi», koma kwafin asali.

Ajiya da bugawa

Ka sani cewa ɗora hoto a manhaja fitar da shi ne daga gida, don haka nemi yardar manya, musamman in na mata ne. Sakamakon da ke dawowa sau da yawa bai kai kwafin sikana girma ba. Duba adadin fiksel kafin ka kai bugu: a 300 dpi, hoto mai fiksel 1024 a faɗi inci uku da ɗan ɗoriya kawai zai yi da kyau, ba zai cika babban firem na falo ba sai an ƙara masa girma.

Ajiye fayil uku da sunaye daban: na asali, na gyara, na launi. A bayan wanda ka buga rubuta sunayen mutanen, shekarar da aka sa launin, da launukan da goggo ta tabbatar da waɗanda zato ne. Takardar asali kuma kada a yi mata laminatin, zafi da gam ɗin ba sa warwaruwa. Sa ta cikin ambulan na takarda, a ɗakin da ba ya yoyo, nesa da bangon da ke tsattsafo da damina.